Tambayoyin Anti Sallama

Tagar da nake ba da magani tana kallon ƙofar ofishin Anti Sallama, shi ya sa duk wanda zai bar aiki a asibitinmu ni nake fara ganin ƙeyarsa. Asibitin kuɗi ne, ba babba ba, na wani likita da muke kira Babban Likita. Ita kuwa Anti ita ce mai kula da ma'aikata: ɗauka, hutu, takardar gargaɗi, sallama. A kan wannan na ƙarshen masu shara suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har yau. In ka kira ta da shi sai ta ce, "Allah ya shirye ku, ni ce fa na ɗauke ku ma, amma ba wanda ya ce Anti Maraba."

Da buga takardu ta fara a nan, tun asibitin yana ɗaki huɗu. Mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana, da wannan kujerar ta raine su har suka kama gabansu. Gajeriya ce, gilashinta kullum a kan karan hanci, tana da wani kofin shayi mai tsagaggen hannu wanda ta hana kowa ya zubar. Ba ta da hayaniya. Ni ce mai hayaniyar, kuma ina jin don haka muka shaƙu.

Da can, tattaunawar barin aiki a wurinmu wasan yara ce. Ranar ƙarshe Manaja, wato ƙanin matar Babban Likita, zai zauna yana kaɗa makullin mota, ya ce, "To, me ya sa za ki tafi?" Yarinya tana kallon mutumin da zai sa hannu a takardar shaidar aikinta, me kake so ta ce? Sai ta ce ta samu wani wuri, ko maigida ne ya ce ta huta. A yi Allah ya sa alheri, a tashi. Wata rana Anti ta ce min, "'Yar Magani, kin lura kowa wani wuri yake samu? To me ya kai shi nema tun farko?"

Daga nan ta roƙi a bar mata wannan aikin ita kaɗai, Manaja kuwa ya ji daɗi an sauke masa kaya. Abin da ta fara canzawa shi ne takardar shaida. Sai ta sa an sa mata hannu, ta miƙa wa mai tafiya, ta ce ta saka a jaka tukuna. Sannan ta rufe ƙofa, ta ce, "Yanzu ba abin da wani zai iya yi miki. In kin ga dama mu yi magana, in ba ki so, ki sha shayi ki tafi. Sunanki ba zai fita daga ɗakin nan ba."

Kuma ta daina tambayar me ya sa za ki tafi. Cewa take, "Yaushe kika fara duba wani wurin? Me ya faru a wannan makon?" Ta ce min mutum yana iya ƙirƙiro dalili, amma ranar da ransa ya ɓaci ba ya mantawa. Sai ta bi da, "Me suka yi miki alkawari a can wanda ba ki samu a nan ba?" In ta ga mutum yana noƙewa, sai ta jefa wadda ta fi kowace kama mutane: "In ƙanwarki ta ce za ta nemi aiki a nan, me za ki gaya mata?" Ta ƙarshe kullum ita ce, "Wane abu ɗaya ne, da an gyara shi, da kin zauna?" Ba ta gardama, ba ta kare kowa. Na sha ganin nas ta shiga da dariya ta fito idonta jawur.

Maganar mutum ɗaya ba ta kai ta sama. Ta ce mai tafiya wani lokaci haushi ne ke magana a bakinsa. Sai ta ji abu ya maimaitu daga bakin mutanen da ba su haɗa baki ba, sannan ta riƙe shi. Da ta tara na wajen shekara guda, ta raba su sashe-sashe, sai ga abu ya fito fili. Ɗakin haihuwa ne ya fi zubar da mutane, kuma ba albashi ne kan gaba ba, duk da shi ma ba abin a zo a gani ba ne. Rosta ce, wato jadawalin duti. A kafa ta a bango farkon wata, mace ta tsara rayuwarta a kai, sai Manaja ya bugo waya da yamma ya ce gobe an canza. Mai kai yaro makaranta, mai jinyar uwa, mai karatu, duk ya watsa musu lissafi. Can ƙasa kuma akwai ƙananan koke, har da fankar ɗakin hutun nas-nas da ta mutu.

A lokacin ƙwararriyar unguwarzoma ɗaya ta rage mana, Sista Doguwa. Sauran duk sababbin hannu ne da ba za a bar su su kaɗai da mai naƙuda ba. Kowa ya sani, ranar da Doguwa ta tafi, ɗakin haihuwa ya rufu. Mahaifiyarta kuma tana wankin ƙoda a wani asibiti, ranaku ne tsayayyu, ita ke kai ta. Anti ta san wannan, shi ya hana ta sukuni.

Ta rubuta rahotonta shafi biyu, ba sunan kowa, ba kalmar da za a gane bakin mai ita. Ta ba da shawara uku: a mayar da rosta hannun shugabar nas-nas, kada a canza duti sai da yardar mai shi, sannan a zauna da waɗanda ba su tafi ba tukuna a yi musu irin tambayoyin nan tun da sauran dama. Ina wurin taron da ta gabatar da shi, don shugabannin sashe duk an kira mu.

Babban Likita ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Su wane ne suka faɗi wannan?"

"Ranka ya daɗe, na yi musu alkawari," in ji Anti. "Kuma ba mutum ɗaya ba ne. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

Manaja ya yi wata dariya ya ce wanda ya riga ya tafi ai komai ma zai faɗa. Batun a tambayi na ciki kuwa, ya ce tayar da zaune tsaye ne, yau ka tambaye su, gobe su zo da jerin buƙatu. Wallahi sai da na ciji leɓena. Na buɗe baki zan yi magana, Anti ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Babban Likita ba mugu ba ne, amma mutum ne da ba ya son abin da zai bi shi gida. Ya ce an gode, aiki ya yi kyau, za a duba.

Kwana kaɗan sai ga sabuwar fanka a ɗakin hutu, da ledarta. Har aka ɗauki hotonta aka tura wa ma'aikata a waya, wai hukuma tana sauraron koke. Na ce, "Anti, an bar jaki ana dukan taiki." Ba ta yi dariya ba. Ta cire gilashi ta goge, ta ce bari ta sake gwadawa.

Ta sake gwadawa. Ta tare Babban Likita a bakin mota, ya ce ta ga Manaja. Ta ga Manaja, ya ce ta rubuto. Ta rubuto. Da ta ga ba ci gaba, sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta je ta samu Doguwa da kanta a ɗakin haihuwa. Ta ce, "Ƙanwata, na san ana zawarcinki a wani wuri. Ki ba ni zuwa ƙarshen wata. Maganar rosta tana gaban Babban Likita." Doguwa ta ce, "Don ke, Anti, zan jira."

Wata bai ƙare ba Manaja ya bugo wa Doguwa waya da la'asar, ya ce dutinta ya koma safe, ranar wankin ƙodar mahaifiyarta. Ta ce masa ba hali. Ya ce asibiti ba gidan kowa ba ne. Ta zo dutin, don akwai mai naƙuda kuma ba za ta iya barin ta ba. Tsohuwa ta rasa layinta, sai da ta kumbura kafin aka samo mata wani. A makon Doguwa ta kawo takardar ajiye aiki.

Ranar tafiyarta na bar tagata a buɗe, ban ɓoye ba, kunnena yana can. Ita ma Doguwa cewa ta yi a bar ƙofar, ba ta da abin ɓoyewa. Anti ta miƙa mata takardar shaida kamar yadda ta saba, ta zuba mata shayi. Ta buɗe baki, tambayar farko ta ƙi fitowa, don ta san ranar, ta san abin da ya faru a makon. Sai ta tsallake zuwa ta ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa.

"Wane abu ɗaya ne, da an gyara shi, da kin zauna?"

Doguwa ta ɗago kai. Ba faɗa a muryarta, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Anti, waɗanda suka tafi kafin ni ai sun gaya miki. Wasu har kuka suka yi a kujerar nan. Ina maganarsu ta je?"

Anti ta ɗauki biro.

"Ba laifinki ba ne, na sani," in ji Doguwa. Ta miƙe ta rataya jakarta. "Kada ki wahalar da hannunki. Ki rubuta na samu wani wuri."

An rufe ɗakin haihuwa a watan, wai na ɗan lokaci. Yanzu kwalayen ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya nake ajiyewa a ciki. Mata suna zuwa tagata da ciki su tambaya, in kwatanta musu wani asibitin.

Anti tana nan, ritayarta ta kusa. Har yanzu tana ba da takardar shaida kafin ta yi tambaya, har yanzu tana rufe ƙofa. Kwanaki wani yaron ɗakin gwaji zai tafi, na ga ya shiga, kafin in ƙirga wa wata mata ƙwayoyinta ya fito. Na leƙa na ce, "Anti, har kun gama?"

Ta ce, "Ya samu wani wuri."

"Ba ki tambaye shi yaushe ya fara nema ba?"

Ta juya kofinta a kan tebur, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "In ya gaya min, 'Yar Magani, ina zan kai?"