Tamfol ɗin Gwaggo Mai Albasa

Tun tana da ƙarfinta Gwaggo take sayar da albasa a ƙarshen kasuwa, inda manyan motoci ke sauke kaya. Ba ta da rumfa, sai 'yan katakai da take jera buhuna a kai. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Abokiyar sana'arta ita ce yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya. Kullum cikin faɗa suke, amma kwano ɗaya suke ci.

Suna da wani tsohon tamfol na kanbas, mai kauri, mai nauyin tsiya. Da yamma Yaya ta kama gefe, Gwaggo ta kama gefe, su ja shi kan buhunan.

"Ɗaga mana! Ko hannun aro ne da ke?" in ji Yaya.

"Ke dai bakinki ne kawai bai tsufa ba."

Da ciwon ƙafa ya kwantar da Yaya, ɗanta ya zo ya tafi da ita garin da yake aiki. Ranar farko Gwaggo ta ja tamfol ita kaɗai, ta rufe rabi, ta zauna tana haki. Maƙwabta sun taimaka kwana biyu, amma kowa na da nasa kayan, ita kuma ba ta iya roƙo ba. Da damina ta sauka abin ya ƙara muni, don kanbas in ya sha ruwa nauyinsa ƙaruwa yake. Sai ta naɗe shi, ta sayo shuɗin tamfol na leda, marar nauyi, wanda ko da hannu ɗaya za ta wurga shi. Ta ji daɗinsa ƙwarai.

Ana nan zazzaɓi ya kama ta. Kafin ta tafi gida ta lulluɓe buhunan har ƙasa, ta danne gefuna da duwatsu don kada ruwa ya shiga. Ta yi kwanaki a ɗaki, daga ita sai rediyo, ba wanda ya leƙo. Ruwa ya yi ta zuba, rana ta yi ta buɗewa a bayansa.

Da ta dawo ta yaye ledar, wani ɗumi mai wari ya buge ta. Cikin ledar sharkaf da gumi. Albasar sama ta yi laushi, wata ta yi baƙi, wata ta fara tsiro. Ta zauna tana ware mai kyau.

A haka direban da ke kawo mata kaya, wanda ake kira Dogo, ya same ta.

"Gwaggo, dafa ta kika yi?"

"Ruwa na tsare mata, ɗan nan."

"Na sama kika tsare, nata ya cinye ta. Albasa numfashi take. Leda ba ta barin iska ta fita, in rana ta doke ta sai gumi ya taru ya koma kan kaya. Ni ma mai roba nake sa wa busasshen hatsi, don ko ɗigo ba ya wucewa. Amma in albasa na ɗauko, kanbas nake rufawa, in bar gefe iska na shiga. Ina naku na da?"

"Yana nan. Na mutum biyu ne."

Dogo ya sosa ƙeya. Can ya ce, "To a raba shi uku mana. Mai ɗinkin tamfol zai kalmashe bakin, ya sa zobban igiya. In za ki rufe, ki ɗora bakin wani kan wani, na sama a kan na ƙasa, ruwa ya gangare."

Abin ya yi wa Gwaggo nauyi, don Yaya ce ta sayi tamfol ɗin, kuma ko ƙusa Yaya ba ta yarda ta taɓa shi. Ta kira waya don neman izini. Matar ɗan Yaya ce ta ɗauka, ta ce Yaya na barci. Washegari ta sake kira, aka ce an kai ta asibiti, amma da sauƙi.

Sai ta sa aka kai tamfol ɗin wurin mai ɗinki a baro. Da ya ɗauko almakashi, ta ce masa za ta je ta dawo, ta tafi bayan wata mota ta tsaya har ya gama.

Da yamma ta ɗauki ƙyalle ɗaya, ya ɗauku. Ta rufe buhunan tsaf, ta bar tazara a ƙasa don iska, ledar kuwa ta shimfiɗa ta ƙarƙashin katakai saboda danshi. Albasa ba ta ƙara ruɓe mata haka ba.

Sai bayan damina Yaya ta kira da kanta, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta tambayi kasuwa, ta tambayi Dogo, sannan ta ce, "Wa ke kama miki tamfol?"

"Ana kama min," in ji Gwaggo. "Ke dai ki sha maganinki."