Ciwon da Hannu Bai Same Shi Ba

A tsaye Mai Aski ya ci ƙuruciyarsa, a tsaye kuma ya yi furfura, tsakanin madubi mai tsaga da kujerar da ke kuka in an juya ta. Da almakashin nan ya aurar da 'ya'ya. Mutum ne mai raha, ba ya rufe shago sai don salla, asibiti kuwa sai dai dubiya.

Da ciwon baya ya matsa masa tsakanin allunan kafaɗa, sai masu jiran layi suka zama likitoci. Tela ya ce tsoka ce, nasa in an danna sai ya yi ƙara, ruwan zafi da miƙa ke sakinsa. Direba ya ce a'a, ƙashin baya ne, shi in ya juya wuya ko ya yi tari sai abin ya tsarga masa har yatsu.

Matarsa ta san wani kala. Kafin a cire mata matsarmama, da ta ci maiƙo sai ƙasan haƙarƙarin dama ya murɗa, ya harba allon kafaɗa, ga tashin zuciya. Shi kuwa yana lashe kwanon nama lafiya lau.

Da yamma ta sa shi ya yi rub da ciki, tana bi da babban yatsa.

"Nan ne, Malam?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Ke dai ci gaba, tsohuwa, daɗi nake ji."

Ta bi bayan kaf, ba inda ya ce wash. Wannan ne ya hana ta sukuni. Ta zuba masa ido kwana biyu. In ya hau matakalar gida sai ya tsaya a tsakiya, wai takalmi yake gyarawa, alhali haki yake, goshi ya jiƙe. Da ya huta kaɗan ciwon sai ya tafi.

Da safe ta ɗaure makullin shago a bakin zane.

"Haba, mutane na jirana!"

"Gashi ba ya guduwa, Malam. Ni ce ban shirya takaba ba."

Yana mita har asibiti. Likita ta saurara, aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Ta ce hanyoyin jinin zuciya ne suka ƙuntata, shi ya sa ciwon ke zuwa da motsi, kuma wani a baya yake jin sa. Allah ya sa an zo da wuri. Ta ba shi magani, ta ce in ciwon ya taso yana zaune, ko ya ƙi lafawa, kada a tsaya tausa, a taho nan take.

A ƙofar asibiti ya miƙa wa matarsa hannu. Ta kwance makullin, ta ce sai ya fara haɗiye ƙwayar a gabanta. Ya haɗiye, ya buɗe mata baki ta duba.