Sikirin Alhaji Mai Shadda

Shekara shida na yi ina koyar da kwamfuta a wani ɗan shago a Gusau. Bango ɗaya ne tsakanina da wani Alhaji mai sayar da shadda da huluna. Yana da tsohuwar kwamfuta da ya tara hotunan aikin wuyan riguna a ciki, mai saye ya zaɓi wanda ya yi masa, a kai wa tela. Da ƙaramin sikirinsa ya mutu, sai ya sayo sabo mai faɗi, ya ɗora a kan kanta, ya kira mu muka sa albarka.

Washegari da hantsi ya faɗo ajina, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Malam, taho ka ga abin da anka sayar min! Komi ya kumbura!"

Ina tsakiyar kwance firinta, hannuna duk tawada. Na duba ɗalibaina huɗu, idona ya tsaya kan wata mata mai kimanin shekara arba'in. Daga Kwatarkwashi take zuwa sau uku a mako, sana'arta ɗinkin hula. Ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, amma littafinta ya fi na kowa cika. Na ce ta je ta duba.

Alhaji ya dube ta, ya dube ni. "Malam, kai dai nika so."

"Ina nan tafe," na ce. Na wanke hannu, na bi su, amma na tsaya a bakin ƙofa.

Gaskiyarsa ne. Kowace alama a kan sikirin ta yi girman ƙwan kaza, rubutun ya yi bishi-bishi. Ya buɗe hoton wata babbar riga, zagayen aikin da ke ƙirjinta ya baje gefe da gefe kamar an zauna a kai. Ya ce da safen nan wani ya ga hoton ya fasa ɗinki. Kwalin sikirin yana ƙasa a buɗe, ya riga ya yanke shawarar mayarwa.

Matar ta gyara mayafinta, ta nemi izini ta zauna. Ta danna ɓangaren dama na linzamin kwamfutar, wato maus, a filin sikirin, ta shiga saitin sikirin, ta daɗe tana karantawa. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina kallo.

"Alhaji, lafiyarsa lau," ta ce a hankali. "Ba ni hula biyu, mai tsada da mai araha."

Ya miƙo mata yana mamaki. Ta jera su a kan kantar shagon.

"Girmansu ɗaya. Me ya sa zanen wannan ya fi fita?"

"Ai sukar allurarta ta fi yawa, ƙanana ne."

"To haka hoto yake a nan, ɗigo-ɗigo ne. Yawan ɗigon shi ake kira rezolushan. Wannan sikirin yana da ɗigo dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin a kwance, dubu ɗaya da tamanin a tsaye, ga shi ma a jikin kwali. Amma kwamfutarka ɗari takwas da ɗari shida take aiko masa. Shi kuma sai ya ja ɗan abin da ya samu ya cika fuskarsa da shi. Shi ya sa komai ya yi ƙato, ya baje."

Ta zaɓi lambar da ta dace da ta kwalin. Sikirin ya yi baƙi ƙirin, Alhaji ya ce, "Subhanallahi!" Kafin ya rufe baki hoto ya dawo, ta danna amincewa da canjin. Zagayen rigar ya koma zagaye, har zare ana iya ƙirgawa.

Ya matso da fuska. "To, amma yanzu rubutun ya ƙanƙance, idona ba na yaro ba ne."

Wannan ban taɓa koya musu ba. Ta bi shafin da ido, sai ta ga wurin ƙara girman rubutu da alamomi. Ta ɗaga shi zuwa kashi ɗari da hamsin, ba ta taɓa lambar ɗigon ba. Rubutu ya girma, ya tsaya garau.

Alhaji ya ture kwalin da ƙafa zuwa ƙarƙashin kanta. "Malama, Allah shi yi albarka. Sake nuna min, in riƙe."

Ta sake nuna masa, har sau biyu, ta sa shi ya yi da hannunsa. Mutum uku daga shagunan layin sun tsaya kallo, ɗaya ya tambaye ni ko wace ce. Na ce ɗalibata ce, da ƙarfi na faɗa.

Muka koma aji. Sauran suka tambaye ta me ya faru, ta soma jan mayafi tana kallon ƙasa. Na miƙa mata alli, na je na zauna a kujerarta, ita ta ƙarasa mana darasin ranar.