Ta'aziyyar da Malam Almu ya yi wa Bube

A Tambuwal, in malamin makaranta ya rasu, bayan jana'iza abin da ake jira shi ne rubutun Malam Almu a guruf ɗin malamai na waya. Malamin firamare ne ɗan Sanyinna, ƙafarsa ɗaya ta ɗan gajarce tun wani haɗarin babur. Da Turanci yake rubutawa, tunda guruf ɗin na aiki ne, kuma Turancin nan duk karaya ne. Amma shi ne zai tuna cewa mamacin na ɓoye alli a hula, ko ya taɓa goya ɗalibi a baya ya ƙetare gulbi. Kana dariyar Turancin, hawaye na zubo maka.

Wasu dariyar kawai suke yi. Wani matashin malami, Ziyad, ya taɓa ɗauko rubutunsa ya ja wa kurakuran layi ya maido guruf. Ranar Almu bai iya cin tuwo ba. Sai ya sa manhajar gyaran Turanci a wayarsa. Da fari kalma ɗaya take ja wa layi, ya taɓa, ta gyara. Daga baya ta fara ba shi jimla sukutum a madadin tasa, mai santsi kamar ta jarida, shi kuma ya karɓa. Aka daina dariya.

Mutum ɗaya ne bai ji daɗi ba: Bube, amininsa tun kwalejin horon malamai, wanda aka tura Kebbe. Duk ƙarshen wata Almu kan hau babur ya sha ramukan hanyar nan don su sha fura tare. Bube kan ce masa rubutun nasa ya koma nonon gwangwani, fari tas, ba ɗanɗano. "In ni riga ka tafiya, Gurgu, kashe abin ga ka rubuta min da hannunka." Almu ya ce masa ai mugu ba ya mutuwa da wuri.

Damina ta bana ciwon hanta ya ɗauke Bube.

Almu ya cika alkawari. Ya cire manhajar daga wayar gaba ɗaya, ya zauna gindin darbejiyar makaranta ya rubuta, yana share fuska da hannun riga. Abin da bai lura ba shi ne, shekarun da ya yi yana karɓar gyara sun zauna masa a ka. Jimlolin suka fito a jere, sumul, da irin buɗewa da rufewar da manhajar ta saba ba shi. Ba kuskure ko ɗaya. Ya tura shi guruf.

Kafin la'asar Ziyad ya zuba rubutun a wani shafin intanet da ke cewa yana gane rubutun na'ura. Irin shafin nan ba ya ganin wanda ya riƙe waya. Santsin jimla kawai yake aunawa ya yi hasashe, kuma yakan yi kuskure. Shafin ya ce kusan duka na'ura ce. Ziyad ya ɗora hoton sakamakon a guruf, ya ce ko amini ma yanzu inji ake sa wa ya yi masa kuka. Almu ya rantse. Wani ya ce ai kowa ya san yana amfani da abin. Da me zai kare kansa? Rubutun da ya yi da manhaja da wanda ya yi ba ita, shi kansa ya jera su bai ga bambanci ba.

Maganar guruf ba ta dame shi kamar Adawiyya ba, matar Bube, wadda ita ma malama ce, tana cikin guruf ɗin. Ranar sadakar bakwai ya je Kebbe, ya tsaya bakin ƙofar ɗakin da take takaba, ya yi mata gaisuwa, sannan ya ce wallahi da hannunsa ya rubuta.

Daga cikin ɗaki ta amsa masa.

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Malam. Na karanta har sau nawa, ina biɗar amininka ciki. Ban gane shi ba. Kai ma ban gane ka ba."

Ya koma gida ya buɗe tsofaffin rubuce-rubucensa na da, ya yi ƙoƙarin sake wa Bube wani irin su. Sai ya kama kansa yana dasa kuskure da gangan don a yarda mutum ne. Ya goge.

Da wani hedimasta ya rasu a Jabo kwanan baya, guruf ya yi tsit ana jira. Malam Almu ya rubuta "Allah ya jiƙansa", ya kife wayar.