Shekarar da haƙorana suka sarƙe

Na daɗe ban yi rubutu a nan ba. Labarin da zan ba ku ma ya girmi yawancinku, amma da yake kullum kuna tsokanata, wai Mama Saratu barci take yi a majami'a, bari ku ji inda na koyo barcin.

Lokacin da kuɗin fetur ya shigo ne, ana ta shimfiɗa kwalta. An tura maigidana, Malam Bitrus, koyarwa Gwaram. Kiristocin garin ba mu da yawa, amma in na fara addu'a sai ka ɗauka mun cika kasuwa. Ko albarkar abinci na sa, sai tuwo ya huce.

Ƙusa na taka a gona wajen Zandam. Na shafa toka, na ɗaure da tsumma, na manta.

Bayan mako guda baki ya ƙi buɗuwa sosai. Wuya ya sandare, bayana ya riƙa lanƙwashewa da kansa. A bayan motar hatsi aka kai ni asibiti a Birnin Kudu.

Likita ya ce, "Sarƙe-haƙora ce. 'Yar ƙara ko haske na iya tayar mata da fizga. In fizgar ta kama numfashi, sai yadda Allah ya yi."

Aka yanke wurin ciwon aka wanke, aka yi mini allurai, aka zura roba ta hanci don kunu. Malam ya sayar da kekensa saboda magani. Aka kwantar da ni a ɗaki ni kaɗai, an toshe taga da bargo.

Na ji tsoron mutuwa ƙwarai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zan mutu ban yi addu'a ba, don ni ban san wata addu'a ba sai ta baki. In na yi yunƙurin jera ta a zuci, sai na rikice, jiki ya ɗaure, fizga ta taso.

Wata dattijuwar nas, Sista Rifkatu, ita ta lura. Ta raɗa mini a kunne, "Maman yara, kina kokawa ne. Zan koya miki abin da wani fada na cocin Katolika ya koya mana. Zaɓi kalma ɗaya gajeriya: Yesu, ko Uba, ko Salama. Matsa yatsana in na faɗi taki."

Na matsa a kan Uba.

"Rufe ido. Faɗe ta a zuci, a hankali. Ba roƙo ba ce, kuma kada ki tsaya nazarin ma'anarta. Alama ce cewa kin yarda yana nan, ya yi aikinsa a cikinki. In kin ga tunani ya ɗauke ki, ki koma kanta. Minti ashirin, safe da yamma. Ni zan duba agogo."

Ni kuwa na kama kalmar na yi ta dakanta, Uba-Uba-Uba, ina korar tunani da ita. Gumi ya keto mini, fizga ta dawo.

Sista ta ce, "Ba taɓarya ba ce. Tunani ba zai daina zuwa ba, ba kuma laifi ba ne. In shanun Fulani na wucewa ƙofar gidanki, kina tare su? Kina bin su? Ki zauna kawai. Sai kin farga kin bi wata, sannan ki taɓa kalmar."

Daga nan kwanakin suka narke. Da maganin barci a jikina, ban san safiya da yamma ba sai ta taɓa mini hannu. Abubuwa suka riƙa shigowa suna fita: duwatsun Birnin Kudu suna iyo a sama, uwata tana sheƙe dawa, yarana suna gudu ba sauti, makarata ana ɗauke da ita. Na bi makarar har nesa. Na farga. Uba. Na dawo.

Wani lokaci kalmar kanta ta kan ɓace, in zauna cikin shiru mai faɗi. Da na ce "kai, ga daɗi", shi ma tunani ne, sai in sake shi. Wata rana kuma tun farko har ƙarshe lissafin kaji nake yi. Da na ba Sista labari daga baya, ta ce wannan ma addu'a ce, tunda na yi ta dawowa. In lokaci ya cika, ta kan bar ni ido rufe na ɗan jima, sannan ta raɗa addu'ar "Ubanmu wanda ke cikin sama".

Ran nan da hantsi wani faranti ya faɗi a baranda. Jikina ya lanƙwashe, numfashi ya tsaya cak. Ina jin ana gudu, ana neman allura. Ba ni da baki, ba ni da iska. Na taɓa kalmar sau ɗaya. Ban roƙi komai ba, na dai yarda yana nan, ko in rayu ko in tafi. A karon farko ban ji ni kaɗai ce a ɗakin ba.

Allurar ta shiga, iska ta dawo.

Kada wani ya ce kalma ce ta warkar da ni. Magani ne da hannun ma'aikata, da ikon Allah. Kalmar tsoro ta cire mini.

Makonni suka wuce kafin cokali ya shiga bakina. Malam ya zauna yana hawaye, ya ce, "Saratu, yi mana addu'a." Na rufe ido na yi shiru. Bawan Allah ya ruga kiran likita, wai ciwo ya dawo.

Na gode wa Allah. Na gode wa Sista Rifkatu da Malam, dukansu sun riga ni tafiya. Na gode wa maƙwabtana Musulmi na Gwaram da suka riƙe mini yara ba tare da an roƙe su ba.

In ƙarfe ya soke ku, ku wanke da ruwa da sabulu, ku je a yi muku allurar rigakafi ran nan, kada ku shafa toka. Addu'ar kuma ku zauna a miƙe ku fara koyonta yau, kuna da lafiya. Ranar da za ku buƙace ta, wataƙila babu bakin tambaya.