Sakin Hannu a Sahun Makaranta

Abin da na fara lura da shi a makarantarmu ta Doha shi ne kowa na ɗora hannu a ƙirji in ana salla. Ni kuwa sakin nawa nake yi, yadda kakata Iya ta koya mini a Katsina. Nan da nan aka raɗa mini 'yar Shi'a, aka daina ba ni wuri a sahu. Batul kaɗai ke tsayawa kusa da ni, ita kuwa 'yar Shi'a ce ta gaske. Da Baba ya ji, sai ya ce in riƙa kama hannu, in kuma rabu da ita.

Lokacin Iya na tare da mu a unguwar Mu'aither. Da sanyi takan hura gawayi a kasko bayan magariba, tana gasa gyaɗa tana ba ni tatsuniya. Ranar da na kai mata ƙara ba ta yi tatsuniya ba.

"Saki namu na Malikiyya ne," in ji ta. "Su da ba su san mafarin rigimar ba, har sun iya korar mutum? Matso, takwara."

Ta ce da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati, mutanen Madina sun taru a rumfar Banu Sa'ida don fitar da shugaba. Abubakar da Umar suka same su, aka yi muhawara, aka yi wa Abubakar mubaya'a. Ali yana gida da dangi suna shirya jana'iza, shi ma bai yi mubaya'a ba sai bayan watanni. Masu goyon bayansa suka ce ai Annabi ya riga ya naɗa shi a Gadir Khum. Sauran suka ce yabo ne da umarnin a ƙaunace shi, zaɓen shugaba kuwa an bar wa al'umma. Ali ya zama halifa na huɗu, Mu'awiya ya ja da shi, daga baya rundunar Yazidu ɗan Mu'awiya ta kashe Husaini ɗan Ali a Karbala. Iya ta daina juya gyaɗar.

"Jikan Manzo, da ƙishirwa. Wane musulmi ne bai ji zafin wannan ba?"

A hankali, in ji ta, ɓangarorin suka kafu. Ahlus Sunna suka riƙe halifofi huɗun, suna ɗaukar ilimi daga dukkan sahabbai. Shi'a suka riƙe cewa jagoranci na imamai ne daga zuriyar Ali da Fatima.

"Mu Sunna ne. Amma wa ya tambayi Batul a rumfar nan?"

Yanzu ina ajin ƙarshe, Iya ta rasu, kuma raina bai daina ɓaci ba. Saɓanin na gaske ne, na karanta hujjojin kowa. Amma yaran da suka guje mu ko sunan rumfar ba su sani ba, Baba kuwa ya sani sarai, tsoron surutu ne kawai.

Washegarin daren da Iya ta ba ni labarin nan, Baba yana ɗaure takalmi na tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ranar Juma'a ka kai ni gidan su Batul. In ba za ka shiga ba, ka jira ni a mota."