Rahoton da Ya Makara

Yaya Babba muke ce mata a ofis, don duk ta girme mu. Shekara shida tana kula da rahoton da waya ke rubutawa idan wasanmu na waya ya rufe kansa a hannun ɗan wasa.

A wayoyin gwaji wasan lafiya lau yake, amma mutane sai barinsa suke yi, rahoto kuma ba ya zuwa. Ita ta gano cewa rahoton nauyi ya yi, sabis ɗinsu na yankewa kafin ya iso. Ta rage shi, ta sa waya ta adana shi tana sake turawa.

"Yaya, sai yaushe rahoton zai zo?" in ji oga.

"Sai sun sabunta wasan, yallaɓai. Mai ƙaramin data ba ya gaggawa."

Ƙarshen wata ya sallame ta.

Bayan kwana tara rahotanni suka fara shigowa, duk wuri ɗaya suke nunawa. Idan sabis ya yanke ana sauke sabon matakin wasan, sai ya buɗe rabin fayil, ya rufe kansa. Cikin awa ɗaya na gyara, oga ya yabe ni a taro.

Da na kira ta, ta ce tana layin neman aiki, in bari sai anjima.